Taswirar IELTS Listening ke cinye min maki, ya zan yi?

Tambaya: Salam Malam, don Allah ina neman shawara. Ni nas ce, ina shirin jarrabawar Turanci ta IELTS kuma Band 7 nake nema a Listening. Sauran tambayoyin ina ƙoƙari, amma da na ga taswira sai gabana ya faɗi, ana fara cewa hagu dama sai in ɓace, in na tsaya rubuta not kuma sai maganar ta wuce ni. Jiya cikin biyar ɗaya na ci. Me ya kamata in dinga rubutawa, kuma ya zan daina ɓacewa?

Amsa: Wa alaikis salam Malama. Na jima ina koyar da masu shirin jarrabawar nan, kuma abin da zan fara ce miki shi ne ki rage rubutu, ki bar yatsanki ya yi aikin. A tambayar taswira mutum ba ya faɗuwa don bai san ma'anar left da right ba, kowa ya sani tun firamare. Yana faɗuwa ne saboda a daidai sakan ɗin da aka faɗi amsa bai san inda yake tsaye a kan taswirar ba, kuma bai san ina ya fuskanta ba. In kin riƙe waɗannan biyun, inda kike da inda kika dosa, sauran duk mai sauƙi ne.

Bari in ɗan tuna miki tsarin don mu san a ina muke. Listening tambaya 40 ce, kashi huɗu, kusan minti 30, kuma sau ɗaya tak ake kunna murya. Taswira galibi a Part 2 take fitowa, wato tsakanin tambaya ta 11 zuwa 20, inda mutum ɗaya ke magana shi kaɗai, kamar mai zagayawa da baƙi a wurin shaƙatawa ko gidan tarihi ko wani ma'aikaci yana bayanin gyaran da za a yi wa gari. Band 7 kuma yana kamawa ne wajen maki 30 cikin 40. To kin ga goma kawai kike da damar zubarwa, in taswira ta kwashe huɗu a Part 2 kin shiga Part 3 da Part 4, waɗanda suka fi tsauri, da ragowar shida. Shi ya sa nake takura wa ɗalibaina a kanta.

Kafin a fara magana ana ba ki ɗan lokaci ki duba tambayoyin, kusan rabin minti ne. Yawancin mutane suna ƙarar da shi wajen karanta jerin tambayoyi, alhali taswirar ce ke buƙatar ido. Ki fara neman inda za a tashi. Wani lokaci an rubuta You are here, wani lokaci kibiya ce a bakin Main Entrance, wani lokaci kuma babu komai sai mai magana ya faɗa da bakinsa a jimlar farko. Ki ɗora bakin fensir a wurin. Sai ki duba ko akwai alamar arewa a gefe, in akwai to ki sa ran jin north da south, in babu to hagu da dama za a yi amfani da su. Sannan ki karanta wuraren da aka riga aka rubuta musu suna, ki faɗe su a zuci yadda Bature zai furta su, don su ne turakun da za a ɗaure duk kwatancen a jikinsu. In sakan biyar ya rage, ki lura da haruffan da suke kusa da juna ko suke kallon juna, nan ne tarkon yake.

Bari mu yi guda ɗaya tare, irin wadda nake zana wa 'yan ajina a allo. Ki ɗauki takarda ki zana yadda nake faɗa, za ki fi ganewa.

Wurin shaƙatawa ne, arewa na sama. Main Entrance na ƙasa a tsakiya. Hanya ta miƙe daga get ta yi arewa har bakin Lake, tafki ne a tsakiyar wurin, a nan ta rabu biyu, ɗaya ta zagaya ta yamma ɗaya ta gabas, suka haɗu a can sama a kan Bridge. Car Park na ƙasa ta dama. A kan hanyar yamma akwai Old Tower. Haruffa takwas ne. A na hagun get, B na damansa tsakanin hanya da Car Park. C na kan hanyar yamma kafin Old Tower, D na gaba da ita. E na dab da gada ta ɓangaren yamma, F na dab da ita ta ɓangaren gabas. A hanyar gabas kuma G da H suna kallon juna, G ta waje wajen katanga, H ta ciki a bakin tafki. Tambayoyi biyar ne, 16 zuwa 20: Gift shop, Toilets, Café, Playground, First aid. Haruffa takwas, amsa biyar, uku na banza ne, an ajiye su ne don ki faɗa.

Murya ta fara. Matar ta ce muna tsaye a babban get, waɗanda suka taɓa zuwa za su tuna shagon tsaraba yana hannun hagu da an shigo, amma bara mun mayar da shi ɗaya ɓangaren kusa da wurin faka motoci. Mai gaggawa tuni ya rubuta A ya ɗaga kai. Ke abin da za ki yi shi ne da kin ji used to be ki ɗan ɗiga wa A alama, kar ki rubuta amsa tukuna, da kin ji an ce an mayar sai ki soke A da ɗan gicciye ki rubuta 16 a jikin B. Ki lura, lambar tambaya kike rubutawa a kan taswira, 16 kawai, ba Gift shop ba, kuma ba ki ɗauke ido kin tafi neman layin amsa ba. Wannan shi ne not ɗin gaba ɗaya.

Ta ci gaba, ku miƙe har tafki ku ɗauki hanyar hagu. Fensirinki ya bi ta, ki ja siririn layi mai kan kibiya. Ta ce ban-ɗaki yana just before hasumiya. Kin san kina tafiya arewa ta gefen yamma, abin da za ki fara tararwa kafin Old Tower shi ne C, sai 17 a jikin C. Da a ce just past ta ce, da D ne. Kalma ɗaya ce ta raba su, kuma before da past ba su da ma'ana ko kaɗan sai kin san ta ina kika taho. Wanda ya zagayo ta gada, C ne zai zama masa past.

Sai ta ce ku wuce hasumiya, ginin da ke gaba na ma'aikata ne ba a shiga, nan ki soke D. Ku ci gaba har gada, da kun haye za ku ga wurin shan shayi nan take. Hayewa daga yamma zuwa gabas kenan, F, ki sa 18.

To ga inda ake zubar da maki, kuma ina zargin nan kika zubar jiya. Bayan gada hanya ta karya ta yi kudu, yanzu kina gangarowa ƙasan takarda. Ta ce filin wasan yara yana on your left. Ido yana kallon takarda, hagun takarda H ne, hannu ya rubuta H. Kuskure ne. Hagun mai tafiya ake nufi, kuma wanda ya fuskanci kudu hagunsa gabas ne, wato daman takarda, amsa G. Ki gwada yanzu a ɗakinki, ki ba arewa baya ki ɗaga hannun hagu ki ga ina ya nuna. Ni kaina lokacin da na fara gwada irin tambayoyin nan sau biyu a jere na faɗa wannan ramin, har na ɗauka takardar amsar ce ta yi kuskure, na koma na saurara sau uku kafin na yarda laifina ne. Amfanin kibiyar da na ce ki dinga ja kenan, in kin ga kanta ya kalli ƙasa to ki san hagu da dama sun yi musanye.

Wasu suna cewa a juya takardar yadda hanya za ta dinga kallon sama. Ni ban cika so ba. Haruffa su kife, ki rasa inda tambayoyi suke, kuma a kwamfuta ma ba yadda za ki juya sikirin. Gara ki saba da juyawa a cikin kai. Wata ɗalibata dabarar da ta yi ita ce ta kwantar da fensir a kan takarda bakinsa na kallon inda aka dosa, sai ta ɗauka ita ce fensirin, kuma ta yi mata aiki sosai.

Ta ƙarshe. Matar ba ta ci gaba da tafiya ba, sai ta yi tsalle, ta ce in wani ya ji ciwo wurin taimakon gaggawa yana can wajen gada, ta ɓangaren hasumiya. Nan fensir zai ɗaga ya koma Bridge, ɓangaren Old Tower shi ne yamma, E, 20. Wannan na sa shi da gangan ne don ki ga iyakar dabarar bin hanya da yatsa. Ba kullum mai magana ke tafiya a jere ba. Musamman in bayanin gyaran gari ne, za a ce za mu sa sabbin fitilu a wuri kaza, za mu faɗaɗa titi a wuri kaza, kowace tambaya tana tashi daga nata turken. Abin da ba ya canzawa shi ne jerin tambayoyi, 16 na zuwa kafin 17, 17 kafin 18. Haruffa ne ke warwatse, ba a bin A, B, C. Don haka kunnenki na jiran abu biyu, sunan abin da ke tambaya ta gaba da sunan turke.

Yanzu ki dubi takardar da kika gama. Layi ɗaya mai kibiya, gicciye biyu, lambobi biyar. Ba jimla ko ɗaya. In kina shakka tsakanin haruffa biyu ki rubuta lambar a jikin duka biyun da alamar tambaya ki wuce, sau da yawa tambaya ta gaba ce za ta cinye ɗaya ta bar miki ɗaya. Wani abu kuma da na gani da idona, kar ki taƙaita hagu da dama da H da D. Wani ɗalibi ya yi haka, ya zo kwafe amsa ya rasa wane D ne dama wane D ne harafin taswira. Kibiya ta ishe ki.

Akwai wani abu da mu Hausawa muke da shi a hannu ba mu sani ba. Mu mutanen gabas da yamma ne. Ki tambayi dattijo hanya a cikin birni, zai ce ki yi gabas, in kin kai masallaci ki yanki kudu, gida na uku mai kallon arewa. Saboda alƙibla kusan kowa ya san gabas ɗinsa ko a baƙon wuri. To in taswira ta zo da alamar arewa mu ta zo wa da sauƙi, don gabas ba ta juyawa in mutum ya juya. Abin lura kawai, a kanmu gabas ce gaba, a takarda kuma arewa ce sama, gabas na dama. Ki rubuta N, S, E, W a gefuna huɗu tun kafin murya ta fara, a can bakin takarda nesa da haruffan taswira, kuma ki duba kibiyar da kyau, kar ki ɗauka dole arewa na sama sai kin gani. In an ce north-east corner, ƙuryar sama ta dama ce, ba tsakiyar sama ba.

Inda yarenmu ke ɗan yi mana ƙafar ungulu kuma shi ne kalmar kusa da. Mu komai kusa da ne, amma su sun rarraba. Next to jikinsa ne, ba komai a tsakani. Near yana nan yankin kawai. Opposite suna kallon juna, akwai hanya ko fili a tsakani, kamar G da H. Behind kuma yana bin fuskar gini ne, ki duba ta ina ƙofarsa take ko ta ina hanya ta bi, bayan gini ba lallai ya zama saman takarda ba. At the far end na nufin can ƙarshe daga inda kike tsaye. In cikin gini ne, ki tuna a Turancin Birtaniya ground floor shi ne ƙasa, first floor hawa ɗaya ne a bene. Clockwise yadda hannun agogo ke tafiya, irin zagayen da muka yi wa tafki ɗazu, daga ƙasa zuwa hagu zuwa sama zuwa dama. Waɗannan sun fi dogon jerin kalmomi ɗari da ake turawa a guruf amfani.

Kuma kar ki jira jin sunan yadda aka rubuta shi sak. Takarda ta ce Café, murya ta ce inda za ku samu abin sha da ɗan abin taɓawa. Takarda ta ce Car Park, murya ta ce inda kuka bar motocinku. Shi ya sa a rabin mintin nan yana da kyau ki tambayi kanki me ake yi a kowane wuri.

To in kin ɓace fa? Za ki ɓace wata rana, kowa na ɓacewa. Alamar ita ce kin ji an ambaci abin da ke tambaya ta 19 ke kuma har yanzu kina kan 17. Abin da ke kashe mutane shi ne su tsaya suna ƙoƙarin tuno abin da ya wuce, murya kuma ba ta jira, asarar ɗaya ta zama asarar huɗu. Ki saki wadda ta wuce nan take. Ki ɗaga fensir, ki kasa kunne ga sunan turke na gaba, da kin ji Bridge ko Lake ki dira a kai ki ci gaba daga nan. Daga baya ki dawo ki cike gurbin da ɗaya daga haruffan da ba ki soke ba kuma ba ki yi amfani da su ba, ba a rage maki don an yi kuskure, barin fili ne asara. A misalinmu in 18 ce ta kufce miki, kin soke A da D, kin ba B, C, G, E aiki, saura F da H, kin san kuma ana tsakanin hasumiya da filin wasa aka faɗe ta, kuma ba a kai H ba sai an zo daidai G, ai F ta fi kama hankali.

Duk wannan na takarda ne, inda ake ba da minti 10 a ƙarshe a kwafe amsa. In a kwamfuta za ki yi, lissafin ya ɗan canza, minti 2 kawai ake bayarwa na dubawa, don haka amsa tana shiga ne a lokacin da ake magana. Ba za ki iya zane a kan taswirar ba, sai linzami ya zama yatsanki, ki dinga jan sa a kan hanya. Ana ba da takarda da abin rubutu, amma don Allah kar ki ce za ki sake zana taswirar, rabin mintin zai ƙare kina kan zana tafki. Ki jera haruffan A zuwa H a layi ɗaya kawai ki dinga soke waɗanda suka mutu. Kuma ki gwada a kwamfuta tun a gida, yadda ake janyo amsa a ajiye ko a danna harafi, kar ranar jarrabawa ta zama ranar koyon linzami.

Wani lokaci kuma ba harafi ake nema ba, gurbi ne a kan taswira a ce ki rubuta sunan wurin. Nan ki karanta umarni, in an ce NO MORE THAN TWO WORDS kika rubuta uku ta faɗi ko da wurin daidai ne, haka in harafi ɗaya ya ɓace a rubutu ko kika yar da s ɗin jam'i. A irin wannan ki rubuta kalmar a gurguje yadda kika ji, ki gyara ta in murya ta tsaya.

Atisayen da zan ba ki na sati biyu ne, taswira ɗaya a rana ta isa. Ki yi ta sau ɗaya kamar a jarrabawa, ba tsayarwa ba komawa baya. Ki duba amsa. Sai ki buɗe rubutaccen abin da aka faɗa, littattafan gwaji na Cambridge suna da shi a baya, ki bi shi jimla jimla da fensir a kan taswira, duk wadda kika faɗi ki rubuta dalili a gefe: na rasa inda nake ne, ko hagu da dama ne suka juye min, ko tsohon wuri na ɗauka aka canza, ko kalmar ce ban sani ba. Bayan taswira biyar shida za ki ga dalili ɗaya ne ke ta maimaituwa, shi za ki sa a gaba. Sannan tunda nas ce ke, ki zana fasalin wurin aikinki daga get zuwa ɗakin magani zuwa ɗakin haihuwa, ki yi wa kanki kwatance da Turanci da ƙarfi, sau ɗaya kina shiga sau ɗaya kina fitowa. A fitowar ne za ki ji hagu da dama suna musanye a bakinki. Ki koma kan ta jiyan nan da kika ci ɗaya, ki fara da ita, ki turo min dalilan guda huɗun mu duba tare.